Babban Yatsan Yaya da Firjin Auta

Ina cikin mutanen nan da ke taƙama da iya karanta fuska. In na shiga ɗaki, kafin a gama amsa sallamata na san wanda ya yi murna da zuwana da wanda ya katse gulmata a tsakiya. Da hira ta tattara ta koma cikin waya, sai na ɗauka baiwar tawa ta biyo ni har can, tunda ai ga fuskoki nan birjik, ƙanana masu launin rawaya, wasu na dariya wasu na hawaye. Har jadawali na yi musu a kaina. Jar zuciya tana can sama, ƙauna ce zalla. Fuskar dariya da hawaye in ta zo guda uku, an ji daɗinka ƙwarai, in ta zo guda ɗaya an yi maka kara ne. Fure da hannuwan godiya, mutunci. A can ƙasan jadawalin kuma, kusa da shiru, babban yatsa tilo, 👍, wanda na fassara da cewa na ji, tashi ka ba ni wuri. Wannan jadawalin ne ya ci mini kuɗi fiye da duk wani ɗan damfara da na taɓa haɗuwa da shi.

Auta ƙanwar matata ce. Tun tana 'yar firamare muke wasa da ita, irin wasan miji da ƙannen mata, wanda ba a gaisawa sai an tsokani juna. Ba ta taɓa kirana da sunan girmamawa ba. Alhaji Rowa take ce mini, alhali ban je Makka ba, rowar kuma ina musunta ta har gobe. Wata rana can baya, tana ƙaramar sakandare, na cika baki a tsakar gidansu cewa ranar aurenta firji nawa ne. A lokacin auren yana da nisa, firji kuma bai zama abin da ake kallo daga bakin shago a haɗiyi yawu a wuce ba. Ni na manta da zancen. Auta ba ta manta ba, kuma ta tabbatar babu wanda ya manta a gidan.

Da aka sa ranar biki, Yaya Babba, wan matata, ya buɗe zaure a WhatsApp don tsara kayan ɗaki. Ya zuba 'yan uwa, gwaggwanni, surukai irina, har da ƙawayen amarya, waɗanda ban lura suna ciki ba saboda lambobinsu ba sa wayata. Kowa yana faɗin abin da ya ɗauka. Da aka zo kan firji sai wani ya rubuta cewa wannan ai da mai shi. Na duba aljihu, na duba farashi, na ga babu hanyar da za su sadu. Sai na yanke shawarar in fita da dabara, wato in ba da abin da ya samu, in lulluɓe sauran da barkwanci. Bayan sallar isha'i na rubuta:

"Assalamu alaikum. Ga tawa gudummawar, naira 50,000, na tura asusun Yaya. Batun firji kuma amarya ta yi haƙuri, da wannan wutar tamu randa ta fi firji riƙon amana 😂"

Na karanta shi sau da dama, na yaba wa kaina, na tura. Sannan na kishingiɗa ina jiran sakamako.

Ƙawayen amarya ne suka fara. Ɗaya ta saka 😭, wata ta saka 😭😭, wata kuma ƙoƙon kan mutum, 💀. Gabana ya ɗan faɗi, don a jadawalina kuka kuka ne, ƙoƙon kai kuwa ko a mafarki ba alheri ba ne. Ɗana na fari, wanda ke zaune yana cin tuwo, ya leƙo ya ce, "Baba, dariya suke yi. Yanzu in abu ya ba mutum dariya sosai kuka yake sakawa. Ƙoƙon kan kuma yana nufin dariya ta kashe ta." Na ce to ita fuskar dariyar fa, wadda na saka? Ya ce wannan ta tsofaffi ce. Fuskar da kamfanin ƙamus na Oxford ya zaɓa a matsayin kalmar shekara a 2015, wai yau ita ce ta tsofaffi. Na haɗiye wannan, na ƙirga kukan a cikin riba.

Sai ga amarya da kanta. Ta rubuta, "Mun gode sosai Yaya. Allah ya ƙara buɗi, ya saka da alheri 🙏🌹🌹". Godiya, addu'a, fure har biyu. A jadawalina wannan ya kusa cin maki duka. Na ce a raina yarinyar nan ta girma, aure ya fara sa mata hankali tun kafin a ɗaura. Na wuce ta ban ƙara waiwaya ba.

Wanda nake jira shi ne Yaya Babba. Tun rasuwar surukina shi ne uba a gidan, shi ya karɓi sadakin matata, kuma har yau in zan gaishe shi sai na ɗan rusuna. Na danne saƙona, na shiga inda aka rubuta Info, wurin da ake ganin waɗanda suka karanta da lokacin da suka karanta. Ga sunansa nan, ya karanta. Na koma zaure. A gindin saƙona, ƙarami, kamar an jefar da shi: 👍. Na taɓa shi don in ga mai shi. Yaya ne.

Babu "madalla". Babu "Allah ya amfana". Ko amsar sallama babu. Yatsa guda.

Na juya wajen matata, wadda ke ninke kayan yara. Na ce, "Yayanki ya yi fushi da ni."

Ta ce, "Me ya ce?"

Na ce, "Bai ce komai ba."

Ta ce, "To."

Ta ci gaba da ninki. Na lura ita ma "to" ɗin nata gajere ne, amma ba ni da ƙarfin buɗe shari'a biyu a dare ɗaya.

A daren nan na zama alƙali, na zama lauya, na zama wanda ake ƙara. Hujjata ta farko ita ce yatsan ba rubuto shi ya yi a matsayin saƙo ba, manna shi ya yi a jikin nawa. Wannan hanyar WhatsApp ya kawo ta ne a watan Mayu na 2022: ka danne saƙon mutum, sai layin emoji shida ya fito, 👍 ❤️ 😂 😮 😢 🙏, ka taɓa ɗaya, shi ke nan. Na ce wato Yaya yana da zaɓi shida a gabansa. Ga zuciya, ga dariya, ga hannuwan godiya, duk ya tsallake su ya ɗauko wanda ya fi kowanne bushewa. Ban tsaya na lura da cewa bai tsallake komai ba, don yatsan shi ne na farko a layin. Mai neman laifi ba ya ƙirga daga hagu.

Hujja ta biyu daga ƙasar Kanada na ɗauko ta, don in mutum zai wahalar da kansa gara ya yi da ilimi. A 2023 wata kotu a lardin Saskatchewan ta yi hukunci a kan wani manomi. Wani kamfanin sayen amfanin gona ya tura masa hoton takardar ciniki ta waya, aka ce ya tabbatar, shi kuma ya mayar da 👍. Lokacin kai kaya ya zo, farashi ya tashi, manomi bai kai ba. Ya ce shi yatsan da ya tura yana nufin ya ga saƙo ne kawai, ba wai ya amince ba. Alƙali ya ce a'a, yatsan nan ya tsaya a matsayin sa hannu, ya umarce shi ya biya diyyar da ta haura dalar Kanada 82,000. Na ce to ka gani, abin da kotu ta ɗauka da nauyin sa hannu ba za a ce Yaya ya jefo shi haka kawai ba. Akwai magana a ciki.

Da gari ya waye na bi shi ta gefe, na tura masa saƙo shi kaɗai. Na fara da gaisuwa cikakkiya, iyali, kasuwa, gajiya, sanyi. Na ce idan akwai abin da ya ɓata masa rai a maganata ta jiya, ya yafe mini, wasa ne da ƙuruciya, ni mai furfura a gemu. Na rufe da hannuwan addu'a, 🤲, don na ga a wajenmu shi ya fi kama da yadda muke roƙon Allah, 🙏 kuwa wasu malamai har hararar sa suke yi. Ba a jima ba amsa ta zo. 👍.

Na ce rubutu ba ya ɗaukar murya, shi ya sa. Na shiga mota na rufe gilashi, na yi masa saƙon murya mai tsawo. Na kawo tarihin zumuncinmu, na tuna masa ranar da muka kwana a asibiti tare, na yi bayanin tsadar rayuwa da kuɗin makarantar yara, har muryata ta ɗan yi rawa a wani wuri, kuma na ji daɗin rawar don ta zo a kan gaɓa. Na tura. Kafin in mayar da wayar aljihu, 👍 ya manne a jikinsa. Alamar makirufo da ke gefen saƙon murya tana komawa shuɗiya ne in an saurara. Tawa ba ta koma ba. Mutum mai hankali a nan zai gane cewa Yaya yana danna yatsa ne kafin ya san abin da ke ciki. Ni kuwa sai na fahimci cewa fushin ya kai har ba ya son jin muryata.

Saura hanya ɗaya da Bahaushe ya sani ta gyara zumunci in baki ya kasa. Na ƙara tura naira 30,000, kuɗin da na ware don gyaran mota, na aika masa hoton shaidar banki ba tare da ko kalma ɗaya ba, don shi ma ya ji yadda shiru yake. Ba sai na faɗi abin da ya dawo ba.

Ranar Asabar na sa babbar riga na tafi Kantin Kwari, inda shagonsa yake. A hanya ina ta maimaita jawabin ban haƙuri. Yana hango ni ya miƙe da fara'a, ya kama hannuna da hannu biyu.

"A'a, Malam, kai ne da kanka? Maman yara lafiya? Kai, kawo wa surukina kujera. A sayo masa fura mai sanyi."

Na zauna ina neman fushin a fuskarsa, ni gwanin karanta fuska, ban samu ko ɓurɓushi ba. Ya ce ya ga ƙarin kuɗin da na turo, Allah ya yi albarka, irina ake so a dangi. Ina shirin buɗe jawabi sai wayarsa ta yi ƙara. A lokacin hannunsa ɗaya yana riƙe da bandir ɗin shadda, wata mata tana taya atamfa, yaron shago yana tambayar canji. Ya ɗago wayar ya nisanta ta da fuskarsa kamar yadda masu neman tabarau ke yi, ya danne, ya taɓa, ya ajiye. Duka bai kai daƙiƙa uku ba. Ta sake ƙara, ya sake yin haka. A zaman da na yi na ga ya raba yatsu fiye da yadda ya raba canji.

Na yi ƙarfin hali na ce, "Yaya, wannan yatsan da kake sakawa, me yake nufi?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi me ruwa yake nufi. "Na gani mana. Kada mutum ya ce ya turo na share shi. In na koma gida da dare sai yara su karanta mini."

"To sauran fa, masu fuska?"

"Ai ni duk ƙwai nake gani. Tabarau yana gida."

Na shanye furata. Jawabin da na haddace ya koma ciki tare da ita.

Da na dawo gida na yi abin da ya kamata in fara da shi tun daren farko, wanda ba ya cin ko sisi sai ɗan lokaci. Na buɗe babban zauren dangi na yi ta jan shi baya, ina duba abin da Yaya ya saba mannawa a saƙonnin mutane. An haifi ɗa namiji a gidan ƙaninsa, 👍. Wani ya ci jarrabawa, 👍. An sace babur ɗin wani ɗan uwa a ƙofar masallaci, 👍. Sanarwar rasuwar wata tsohuwa a ƙauye, za a yi jana'iza da azahar, 👍, kuma na san shi ya ɗauki nauyin likkafani. Mutumin da ya ba haihuwa da mutuwa amsa iri ɗaya, amsarsa ba ta ɗauke da labarin zuciyarsa ko kaɗan. Abin da kawai take faɗa shi ne wayar tana da caji.

A nan ne na tuna sauran labarin Kanada, ɓangaren da na tsallake don bai dace da fargabata ba. Alƙalin bai ce yatsa ko'ina sa hannu ba ne. Ya duba cinikin da suka yi a baya ne, ya ga duk lokacin da aka tura wa manomin takarda irin wannan, da gajeriyar kalma yake amsawa, irin su "ok", kuma daga baya ya kai kaya. Saboda haka a tsakanin waɗannan mutum biyun, gajeriyar amsa ta riga ta zama amincewa. Da ɗabi'ar mai turowa aka auna yatsan. Kotu ta ja hira baya kafin ta yi hukunci, ni na yi hukunci, na biya tara, sannan na ja hira baya.

Na zo wa matata da wannan binciken ina murna, kamar wanda ya gano sabuwar ƙasa. Na ce ashe babu wanda ya yi fushi da ni, saƙona ya shiga lafiya, har amarya ta ba ni fure biyu. Ta ajiye ludayin da ke hannunta.

"Baban yara, karanta mini abin da ta rubuta."

Na karanta da alfahari. "Mun gode sosai Yaya."

"Tsaya nan. Yaushe Auta ta taɓa ce maka Yaya?"

Na buɗe baki, na rufe.

Na koma hirarmu da Auta ni da ita, na ja baya kamar yadda na yi wa Yaya. Abin da na tarar ba ya da kyan gani, amma yana da daɗi. Na tura mata barka da sallah, ta mayar da 🙄 da tambayar ina goron sallarta. Na saka hotona da sabuwar hula, ta turo 😏 ta ce aro ce. Na yi mata murnar kammala karatu, ta ce Alhaji Rowa ya turo addu'a don ita ce kyauta, ta bi da harara da fuskar tsaki. Shekara da shekaru babu fure ko ɗaya, babu hannuwan godiya, babu jimlar da ta fara da gaisuwa ta ƙare da addu'a. A jadawalina duk waɗannan hararar suna ƙasa, wajen sanyi. A hannun Auta su ne zumuncin. Ranar da ta cire su ta sa mini fure, ta mayar da ni baƙo ne, irin wanda ake shimfiɗa wa sabuwar tabarma don kada ya daɗe.

Kuma wannan ba sabon abu ba ne da waya ta kawo. Duk wanda ya tashi a gidan Hausa ya san in abokin wasanka ya gaishe ka da ladabi, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya bai tsokane ka ba, to akwai abin da ka yi. In kakarka ta daina ce maka mijin banza ta koma kiranka da sunan yanka, sai ka binciki kanka. Da a tsakar gida Auta ta yi mini wannan godiyar, da murya a daidaice da ido a ƙasa, da tun kafin ta rufe baki na gane. Furen ne ya rufe mini ido, don na riga na rubuta a jadawali cewa fure alheri ne ko daga hannun wa ya fito.

Matata ta ba ni sauran labarin, wanda ashe kowa ya sani ban da ni. Kukan da ƙawayen amarya suka yi dariya ce, ɗana bai yi ƙarya ba. Abin da bai faɗa mini ba, don shi ma bai sani ba, shi ne wa ake yi wa dariyar. Ɗaya daga cikinsu ta ɗauki hoton saƙona ta kai wani zauren nasu na 'yan makaranta, kafin gari ya waye sunan Auta ya koma Amaryar Randa. Har wata ta turo mata hoton randa an ɗaura mata kyalle. Yarinyar da ta shekara tana gaya wa ƙawaye cewa mijin yayarta zai saya mata firji, ga shi mijin yayar ya zo gaban kowa ya ce ta sha ruwan randa, ya kuma yi wa kansa dariya a ƙarshe.

Wannan dariyar tawa ta ƙarshen saƙo ita ce na fi dogara da ita, ita ce kuma ta fi ba ni kunya. Dabarar tsohuwa ce. Tun 1982 wani malamin kimiyyar kwamfuta a jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka, Scott Fahlman, ya ba abokan aikinsa shawarar su riƙa saka :-) a jikin saƙon wasa, saboda ana ɗaukar barkwancinsu da gaske ana rigima. Alamar tana aikinta, tana cewa wasa nake yi. Abin da ba ta iya yi shi ne ta tambayi wanda aka yi wasan da shi ko ya yarda a yi a gaban mutane. Wasan da zai wuce lafiya ni da Auta a tsakar gida, na ɗauke shi na kai zauren da ban ma san adadin waɗanda ke ciki ba, na manna masa fuskar dariya na ɗauka na wanke hannuna.

Na tambayi matata me ya sa ba ta gaya mini tun daren farko ba.

Ta ce, "Na ce maka to."

Na ce, "To ɗin ai ba bayani ba ne."

Ta ce, "Kai da kake karanta fuska."

Na so in tura wa Auta dogon saƙon ban haƙuri, har na fara zaɓen emoji, ina auna ko fuskar da ta sunkuyar da ido ta fi ko mai gumi a goshi. Matata ta karɓe wayar ta kife ta a kan tabarma. Ta ce Auta ba emoji ta yi wa ƙawayenta alkawari ba. Washegari na je wajen wani mai sayar da kayan lantarki da muka saba, na yi masa bayanin da ya fi wanda na yi wa Yaya tsawo, ya yarda ya ba ni firji in riƙa biya duk wata. Aka ɗora shi a a-kori-kura aka kai gidan surukaina. Ban bi shi ba, ban kuma rubuta komai ba. Na zauna da waya a hannu.

Da yamma saƙo ya shigo, ba a zaure ba, ni kaɗai. Hoton firjin ne a tsakar gida, ba a ma cire ledarsa ba. A ƙasa ta rubuta, "Wannan ai ɗan ƙarami ne 🙄 Alhaji Rowa dai ba ya canzawa 😒". Na karanta na sake karantawa. Na kai wa matata da gudu har na yi tuntuɓe da buta. Ta duba ta ce ita dai ba ta taɓa ganin wanda ya ci bashi don a zage shi ba, ya kuma zo yana nuna wa mutane zagin.

Na yi lissafi a daren. Naira 80,000 sun tafi wajen mutumin da bai taɓa yin fushi ba, 30,000 daga ciki don in huce fushin da babu shi. Motata tana nan tana tari. Firji kuma, wanda duk wannan dabarar don in kauce masa na yi ta, ga shi na saya, da ƙarin kuɗin biya a hankali. Na yi niyyar daga ranar ba zan ƙara yanke wa kowa hukunci da ƙwan Yaya ba sai na ja hira baya, wanda ba mu da tsohuwar hira da shi kuma in kira shi in ji murya.

Ana saura mako guda biki, Yaya ya sa yaransa suka rubuta masa sanarwa a zaure, ita ce doguwar magana ta farko da na taɓa gani da sunansa. Ya yi godiya ga kowa, ya ware ni da suna, ya ce surukinmu ya ba da kuɗi har sau biyu ba a roƙe shi ba, sannan ya kawo firji. Tunda Allah ya buɗa masa haka, in ji Yaya, rumfa da kujerun ranar ɗaurin aure da na walima shi za a bar wa, sai dai in yana da magana.

Ina da magana. Ina da magana mai yawa. Na danne saƙon don in zaɓi ba da amsa a kansa, layin nan mai emoji shida ya fito, hannuna yana rawa, yatsana ya sauka a kan na farko. Kafin in gano yadda ake cire shi, gwaggwanni uku sun riga sun rubuta Allah ya saka da alheri, ɗaya har da guɗa a saƙon murya. Mai rumfa ya ce a ba shi rabin kuɗi kafin Laraba.